Ƙarya a Ma'aunin Gazali, Kant da Mill: Ina Bambancin Yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun falsafa, kuma na ga su Aristotle da Kant da Mill duk suna yabon gaskiya da amana da adalci ba tare da sun jingina da wahayi ba. To mene ne ya raba kyawawan ɗabi'u a Musulunci da nasu, ko suna ne kawai ya bambanta? Don Allah a ba ni misalin da zan kama.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Idan jerin halaye za ka ɗora a sikeli, ba za ka ga wani bambanci mai yawa ba, kuma malamanmu ba su taɓa ɓoye hakan ba. Hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito cewa ya yi an aiko Manzon Allah (SAW) ne don ya cika kyawawan ɗabi'u, kuma ba a cika abin da babu shi tun farko. Ibnu Miskawaihi, wanda ya rasu a 1030, ya gina littafinsa Tahzibul Akhlaƙ a kan tsarin Aristotle ƙarara, Imam Gazali kuma, wanda ya rasu a 1111, ya karɓi rabon nan na iyayen ɗabi'u huɗu da ya taso daga Girkawa: hikima, jarumta, kamewa da adalci. Saboda haka neman bambanci a cikin jeri ɓata lokaci ne. Gara mu kama hali guda mu bi shi har inda ya tsaya, kuma babu wanda ya fi gaskiya da ƙarya fito da abin fili, domin kowanne daga cikin mutanen nan ya yi magana a kansa dalla-dalla.

Kafin nan ka riƙe cewa falsafar da ba ta jingina da wahayi ba ita ma ba murya ɗaya ba ce. Tsakanin Kant da Mill akwai saɓanin da ya fi na Mill da Gazali faɗi a wannan mas'ala, kamar yadda za ka gani yanzu.

Mu fara da mutumin da ke bakin ƙofa. Wani ya gudo ya ɓuya a gidanka, ga mai neman kashe shi ya ƙwanƙwasa yana tambaya ko yana ciki, kuma babu halin ka yi shiru ko ka zille. Wannan misalin ba ƙirƙirar 'yan aji ba ne. Kant ya amsa shi da kansa a wata gajeriyar maƙala a 1797, yana mayar wa wani marubuci mai suna Benjamin Constant martani, ya ce ko a nan ba ka da ikon yin ƙarya. Hujjarsa tana komawa ga ƙa'idar da ya shimfiɗa tun 1785: kada ka yi aiki sai bisa dokar da za ka yarda ta zama ta kowa da kowa. Idan aka ce kowa ya yi ƙarya duk lokacin da ya ga akwai alheri a ciki, magana ta rasa daraja, har ita ƙaryar ba za ta ci ba, tunda babu mai gaskata kowa. Ya ƙara da cewa in ka faɗi gaskiya, abin da ya biyo baya laifin makashin ne, in kuwa ka yi ƙarya, to duk abin da ƙaryar ta haifar yana wuyanka, ko da mutumin ya sulale ta baya ba ka sani ba, makashin ya juya ya ci karo da shi a hanya.

Mill, a littafinsa na 1863 kan mazhabar amfani, wadda ke auna kyawun aiki da amfanin da yake haifarwa, ya ɗauki gaskiya da muhimmanci ƙwarai, amma dalilinsa daban ne: yarda da maganar juna ita ce ginshiƙin zaman jama'a, kuma kowace ƙarya tana ɗan gutsure wannan ginshiƙin. Tunda dalilin amfani ne, idan amfanin ya juya hukuncin ma sai ya juya. Shi da kansa ya kawo wurare biyu, ɓoye labari ga mai mugun nufi da ɓoye mummunan labari ga mai tsananin rashin lafiya.

Gazali fa? A Ihya'u Ulumiddin, cikin littafin aibobin harshe, inda ya lissafa aibobi 20 ya sa ƙarya ta 14, ya kawo kusan wannan misalin, ya ce idan faɗin gaskiya zai jawo a zubar da jinin Musulmin da ya ɓuya wa azzalumi, to ƙarya a nan wajibi ce. Ba halas kawai ba, wajibi. Ƙa'idarsa ita ce magana hanya ce ta kaiwa ga manufa. Duk manufa mai kyau da za a iya cimma ta da gaskiya kuma a iya cimma ta da ƙarya, ƙarya a cikinta haram ce. Idan ba a kaiwa gare ta sai da ƙarya, to ƙaryar tana ɗaukar hukuncin manufar: halas in manufar halas ce, wajibi in wajibi ce. Imamu Nawawi ya ɗauko wannan ƙa'ida ya amince da ita a Riyadus Salihin.

Ɗalibai da yawa suna shiga wannan darasi da zaton addini ne zai tsaya kai da fata a kan "kada ka yi ƙarya ko ana ha maza ha mata", falsafa kuma ta zo da sassauci. Sai ga shi Kant ne ya kafe, Gazali yana auna maslaha da ɓarna. Masu kama da Kant a cikin mazhabobin aƙida na Musulmi su ne Mu'utazilawa irin su Alƙali Abduljabbar, waɗanda suka ce munin ƙarya a jikinta yake, hankali kaɗai ya isa ya gane shi. Ash'arawa, cikinsu har da Gazali, sun yi amfani da wannan misalin na ɓoye wanda ake farauta don su rusa maganar: in da munin a jikinta yake, da bai taɓa rabuwa da ita ba. Ibnu Taimiyya ya bi tsakiya, ya ce hankali yana gane kyau da muni, amma azaba ba ta tabbata sai bayan an aiko manzo, yana kafa hujja da aya ta 15 a Suratul Isra'i. Na kawo wannan ne don ka san muhawarar "shin ana iya sanin alheri ba tare da wahayi ba" tsohuwa ce a cikin gida, ba baƙuwa ba.

To ke nan Gazali ɗan mazhabar amfani ne da rawani? A'a, kuma a nan gizo ke saƙar. Mill ya bar wa mutum sikeli a hannunsa. Gazali ya ba shi sikelin amma ya ɗaure masa hannu da igiyoyi. Ta farko nassi. Hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba, a ruwayar Muslim, ya ambaci wurare uku da aka yi rangwame: yaƙi, sulhu tsakanin mutane, da zancen miji da matarsa. Malamai sun ƙunsa na ukun ƙwarai, suka ce maganar nuna ƙauna ce da lallashi, amma yaudarar da za ta danne haƙƙin ɗaya daga cikinsu haram ce babu saɓani. Wasu ma, kamar Ɗabari, sun ce ba ƙarya tsagwaronta ake nufi ba, tauriya ce, wato magana mai fuska biyu. Abin da za a ƙara a kan waɗannan ukun sai ya yi kama da su wajen larura. Igiya ta biyu ita ce hukuncin shakka: in ka auna ɓarnar gaskiya da ɓarnar ƙarya ka ga sun yi kunnen doki, ko ka kasa tantancewa, sai ka koma ga asali, asali kuwa haramci ne. Ta uku ita ce ta fi muhimmanci a ganina. Gazali bai yarda da mai awon ba. Ya ce yawancin ƙaryar da mutane ke yi don ribar kansu ce, ƙarin dukiya ko matsayi, sai rai ya yi mata ado ya kira ta maslaha. Don haka ya raba: in amfanin naka ne, abin so ka haƙura da shi ka faɗi gaskiya, in kuwa haƙƙin wani ne ke cikin haɗari, ba ka da ikon yin sakaci da shi. Lissafin amfani zalla ba ya tambayar aljihun wa amfanin zai faɗa, jimla kawai yake dubawa. Gazali kuwa da wannan tambayar yake farawa.

Makashi a bakin ƙofa abu ne da yawancinmu ba za mu taɓa gani ba har mu koma ga Allah. Bari mu sauko inda ake yin ƙaryar yau da kullum.

Wani yana da mota zai sayar. Ya san injinta yana zafi, amma ba ya nunawa sai an yi kamar minti 40 ana tafiya, sannan allurar zafi ta fara hawa, ruwan lagireto ya riƙa raguwa. Bakanike ya riga ya gaya masa gaskit ɗin kan injin ne ya fara ƙonewa, gyaran kuma sai an sauke kan injin. Mai saye ya zo, ya zaga da ita minti 10, komai lafiya. Ya tambaya: "Injin fa, ba matsala?" Mai mota ya ce: "Makon jiya na yi mata juye, kuma da ka murɗa makulli take tashi, kai ma ka ji da kunnenka." Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ko harafi ɗaya bai ƙara ba. Aka yi ciniki, aka biya.

Ka ɗora wannan a ma'aunin Kant. In ka tsaya a kan lafazi, mutumin bai furta ƙarya ba, kuma Kant ya yarda cewa ba dole ne ka faɗi duk abin da ka sani ba. Amma ƙa'idarsa ta biyu tana kama shi: kada ka mayar da ɗan Adam kayan aiki kawai. Mai sayen ba zai taɓa amincewa da wannan ciniki ba da ya san abin da ake ɓoye masa, ke nan an bi ta bayan hankalinsa an ɗauki kuɗinsa. Hukunci: laifi ne. Mill zai ce a lissafa: ribar mai sayarwa a gefe guda, a ɗaya gefen asarar mai saye, haɗarin mota ta mutu masa a kan hanya da dare, da kuma abin da irin wannan hali ke yi wa kasuwa baki ɗaya. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya nuna a 1970, da misalin tsofaffin motoci, cewa in masu saye ba sa iya bambance mai kyau da mai aibi, sai su rage abin da za su biya a kan kowace, masu motocin kirki su janye, kasuwa ta cika da tarkace. Hukunci: laifi ne. Aristotle ba zai tsaya kan cinikin ba, zai dubi mutumin ya ce wannan ba aikin mai gaskiya da adalci ba ne, kuma duk lokacin da ya maimaita yana ƙara zama irin mutumin da ke yin haka.

Musulunci ma laifi ya ce. Ka ga duka huɗun sun haɗu a hukunci, shi ya sa tambayarka take da tushe. Sai dai ka duba yadda ya bi da mas'alar, hawa-hawa.

Hawa na farko, dabarar lafazin ba ta tsirar da shi. Tauriya, wato faɗin magana mai fuska biyu kana nufin ta nesa mai ji ya ɗauki ta kusa, tana da gurbinta. A hanyar hijira an tambayi Sayyidina Abubakar wane ne wannan da ke tare da shi, ya ce mutum ne da ke nuna masa hanya, mai tambaya ya zaci ɗan jagora ne, shi kuwa hanyar shiriya yake nufi, Bukhari ya ruwaito. Amma a can ana kare rai ne daga masu farauta, kuma mai tambayar ba shi da haƙƙin sanin amsar. A cinikin mota mai saye yana da haƙƙi, da kuɗinsa yake tambaya. Ma'aunin da za ka riƙe ke nan: tauriyar da ta kare haƙƙi ta halatta, wadda ta danne haƙƙi ƙarya ce da ta canza riga. Ko da mai motar ya rantse yana nufin wata ma'ana a ransa, hadisin Muslim ya ce rantsuwa tana kan niyyar wanda ya nemi a rantse masa.

Hawa na biyu, ko da bai ce uffan ba, shirun ma bai kuɓutar da shi ba. Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tulin abinci a kasuwa, ya cusa hannu ya ji danshi a ciki, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Mai kayan nan bai furta ƙarya ba, jera kaya kawai ya yi. A hadisin Hakimu ɗan Hizam kuma kalmomi biyu aka haɗa: in masu ciniki suka yi gaskiya kuma suka bayyana, sai a sa musu albarka, in suka ɓoye kuma suka yi ƙarya, sai a shafe albarkar cinikin. Gaskiya daban, bayyanawa daban, kuma duka biyun ake nema. Mai motarmu ya zo da rabin ta farko ya bar ta biyu gaba ɗaya.

Hawa na uku, abin bai tsaya a wa'azi ba, yana da hukunci a fiƙihu. Mai saye yana da zaɓin aibi: in ya gano aibin da ya riga ciniki, wanda ke rage darajar kaya kuma aka ɓoye masa, yana iya mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Asalin da ake yawan kafa hujja da shi shi ne hadisin dabbar da aka bar nono ya taru a hantsarta kwana da kwanaki don mai saye ya zaci mai yawan nono ce. An ba shi zaɓi har kwana uku, in ya so ya riƙe, in ya so ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Cika lagireto da ruwa dab da zuwan mai saye, da taƙaita gwaji zuwa minti 10, ɗaure hantsa ne na wannan zamani. Falsafar ɗabi'a takan bar wannan ɓangaren ga dokar ƙasa, ta ce wannan fagen lauyoyi ne. A Musulunci malamin da ya karantar da kai babin ikhlasi shi ne zai karantar da kai babin ciniki, kuma daga tushe guda yake ɗebo su.

Yanzu mu juya labarin. A ce mai motar ya faɗi gaskiya: "Tana zafi bayan tafiya mai nisa, gaskit ne, ka cire kuɗin gyara." Amma dalilinsa shi ne sana'arsa ke nan, yana so a san shi da amana don masu saye su riƙa dawowa. Mill zai ce aikin daidai ne, an gama, domin a wurinsa dalilin da ya motsa mutum ba ya canza kyawun aikin, darajar mai aikin kawai yake taɓawa. Kant ba zai gamsu ba. Yana da misalin ɗan kasuwar da ba ya cutar ko yaro ƙarami a farashi don kare sunan shagonsa, ya ce aikinsa ya dace da wajibi amma ba don wajibi aka yi shi ba, saboda haka ba shi da darajar ɗabi'a. A nan Kant ya matso kusa da mu sosai, kusa da hadisin "ayyuka suna tare da niyya". Amma ka lura da inda kowa ya fuskanta. Niyyar kirki a wurin Kant ita ce girmama dokar da hankalinka ya shimfiɗa maka. A Musulunci tambayar ita ce don wa ka yi. Hadisin Muslim na mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar ƙiyama, wanda aka kashe a fagen yaƙi da malami da mai kyauta, bai ce ayyukansu ba su amfani kowa ba. Sun amfanar. An ce musu ne kun yi don a faɗa, kuma an faɗa. Shi mai motar da ya yi gaskiya don suna, cinikinsa ya inganta, kuɗinsa halas ne, bai ci haƙƙin kowa ba, sai dai ladan gaskiyar yana rataye da abin da ke zuciyarsa, wanda babu mai gani sai Allah.

Malaminka na falsafa zai iya ce maka: to ai mai yi don lada shi ma ɗan kasuwa ne, ya dai ɗage ranar karɓar riba zuwa lahira. Kada ka yi saurin ture wannan suka, akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, kuma malaman tarbiyya sun riga shi faɗa, sun yi magana a kan bautar 'yan kasuwa da bautar bayi da bautar masu godiya. Alƙur'ani bai aibata kwaɗayin rahama da tsoron azaba ba, ya yabi masu su, amma ya nuna matakin da ke sama a Suratul Insan aya ta 9: muna ciyar da ku ne don Allah kaɗai, ba ma neman sakayya ko godiya daga gare ku. Bambancin da ke da amfani a aikace shi ne wannan: mai gaskiya don suna, gaskiyarsa tana ƙarewa inda idon mutane ya ƙare. Ka kawo masa baƙon da zai tafi da motar wata ƙasa ba za su sake haɗuwa ba, lissafinsa ya canza. Wanda ya yi don Mai gani a ko'ina, lissafinsa ɗaya ne da baƙo da ɗan gida. Mutumin Kant na gaske shi ma ba zai canza ba, a ba shi haƙƙinsa, sai dai Kant ya dogara ne ga ƙarfin girmama doka shi kaɗai ya riƙe mutum a lokacin da babu mai kallo, wannan kuwa kaya ne mai nauyi ga yawancin 'yan Adam.

Saura abin da ni nake ganin shi ne babban rabo, kuma shi ne aka fi mantawa a aji: yadda ake mayar da maƙaryaci mai gaskiya. Kant da Mill sun fi ba da ƙarfi ga gano wane aiki ne daidai. Amma mai motarmu ai ya san daidai tun kafin mai saye ya iso, ba ilimi ya rasa ba. Gazali ya fassara hali da cewa wani yanayi ne da ya kafu a rai, wanda ayyuka ke fitowa daga gare shi cikin sauƙi ba tare da dogon tunani ba. Bisa wannan, wanda ya yi ta kokawa da ransa kafin ya ambaci gaskit ɗin yana da ladan kokawar, amma gaskiya ba ta zama halinsa ba tukuna. Ta zama hali ne ranar da ɓoyewar za ta fi masa wuya a kan faɗa. Muna cewa hali zanen dutse, Gazali kuwa ya yi raddi ga masu wannan ra'ayi: in da hali ba ya sauyuwa, da wa'azi da horo duk aikin banza ne, alhali ana horar da shaho da kare da doki su bar ɗabi'arsu ta farko. Wannan gadon Aristotle ne, wanda ya ce da yin adalci ake zama adali, kuma falsafar Turai ta dawo kansa bayan maƙalar masaniyar falsafa Elizabeth Anscombe ta 1958, wadda ta ce kalmar "wajibi" a bakin masu falsafar zamani ragowar tunanin dokar Ubangiji ce da aka cire wa Mai dokar.

Abin da Gazali ya ƙara a kan Aristotle shi ne tsarin aiki na kullum, irin na ɗan kasuwa da abokin tarayyarsa a kasuwanci. Da safe ka gindaya wa ranka sharaɗi takamaimai, ba "zan zama mutumin kirki" ba, a'a, "yau duk wanda ya zo ganin motar nan zan ambaci zafin injin kafin a fara maganar kuɗi". Da rana ka sa ido a kan ran, musamman a daidai lokacin da aka yi tambayar kuma ka ji harshenka na neman kewayawa. Da dare ka yi hisabi: sau nawa na faɗa, sau nawa na zille, me na ji tsoron rasawa. In ka saɓa, ka ɗora wa kanka tarar da za ta yi maka ciwo, kuma wadda ta fi dacewa a nan ita ce ka kira mutumin ka gyara maganar da bakinka. Maganin kowace cuta kishiyarta ce, ana kuma shan sa da ƙyar kafin ya zama jiki. Sannan ka nemi tushen. Ƙaryar ciniki reshe ce, saiwarta kwaɗayi ko tsoron talauci, ƙaryar taro kuma saiwarta son girma. Wanda ya datse reshe ya bar saiwa, zai daina ƙarya da baki ya koma yi da shiru da jera kaya.

Hanyar tana da nata ramukan. Wani yakan mayar da hisabin dare waswasi, ya riƙa tuhumar kowace kalma har ya kasa ce wa mara lafiya "ka ji sauƙi". Wani kuma ya fake da gaskiya yana yanka mutane da harshe, ya manta cewa gulma ma gaskiya ce, in da ƙarya ce ƙazafi za a kira ta. Mafi yawa kuwa su ne masu faɗaɗa rangwamen nan uku har ya haɗiye komai, kowace ƙarya ta zama "sulhu". Alamar gane wannan mai sauƙi ce: ka tambayi kanka ko za ka yarda wanda ka yi wa maganar ya san dalilinka daga baya. Mai sulhun gaske ba ya jin kunyar a gano shi, waɗanda ya sasanta ma godiya za su yi masa. Mai mota kuwa ba zai so a gano ba har abada. Tunda mutum ba ya ganin ƙeyarsa, Gazali ya ba da hanyoyi huɗu na sanin aibin kai: malami mai basira, aboki mai gaskiya da ka roƙa ya riƙa faɗa maka, abin da maƙiyanka ke faɗa a kanka, da kuma aibin da ka gani a wurin wasu ka nemi irinsa a jikinka.

In kuwa an riga an yi cinikin an rabu, istigfari kaɗai bai wanke mai motar ba. Sharuɗɗan tuba uku ne in laifin tsakanin bawa da Ubangijinsa ne: dainawa, nadama, da ƙudurin rashin komawa. In akwai haƙƙin mutum sai a ƙara na huɗu, mayar da haƙƙin ko neman yafiyar mai shi. Ke nan sai ya nemi mai sayen ya gaya masa aibin da ya ɓoye, sannan su daidaita: ko a warware ciniki a mayar da kuɗi, ko ya biya bambancin da ke tsakanin darajar motar lafiyayya da darajarta da aibin, ko mai sayen ya yafe bayan ya san haƙiƙanin abin da yake yafewa. In mai sayen ya rasu, haƙƙin ya koma ga magadansa. In an neme shi iya nema ba a same shi ba, shi da magadan, malamai sun ce a yi sadaka da adadin da niyyar ladan ya tafi gare shi, da sharaɗin in ya bayyana daga baya bai amince da sadakar ba, a biya shi kuɗinsa.